Na yi ta bugun ƙirji da ribar kashi 23, ashe lissafin rabi ne

1/ Jama'a, ku zo ku ji yadda tsofaffin takardu uku suka sauke min girman kai. In kana da hannun jari ka daɗe kana riƙe da shi, zauna ka karanta.

2/ A tsakiyar 2025 alat ya shigo min ina Samaru: ₦27,000, rabon ribar Dangote Cement na shekarar 2024. Kamfanin ya ba da ₦30 a kan kowane hannun jari, ni kuma ina da 1,000. Wato ₦30,000, aka cire harajin kashi 10 tun kafin kuɗin su iso.

3/ A satin na je shagon Yayana a kasuwar Sabon Gari. Ya daɗe yana cewa in sayar in zuba kuɗin a shago mu juya. Na ce, “Yaya, abin da ke ba ni kashi 23 a shekara zan sayar?” Ya ce, “Kashi 23 na me?” Wallahi sai na yi shiru.

4/ Ga inda na samo 23 ɗin: na taɓa saye a ₦130, sai na raba 30 da 130. Amma ai ba sau ɗaya na saya ba. Na koma gida na tono takardun da dillali ke turowa bayan kowane ciniki.

5/ Ga abin da ke ciki:
2017: guda 300 a ₦165, ₦49,500
2020, lokacin kullen korona: guda 500 a ₦130, ₦65,000
2024, da farashi ya yi sama kowa na rububi: guda 200 a ₦680, ₦136,000

6/ Jimilla ₦250,500. Ladan dillali da sauran cajin da ke ƙasan takardun sun kai ₦4,500. Su ma daga aljihuna suka fita, dole su shiga lissafi. Ke nan na kashe ₦255,000 a kan guda 1,000, kowane ɗaya ya tsaya min a ₦255.

7/ A kula, nan ake zamewa. Da farko na haɗa 165 da 130 da 680 na raba uku, na samu ₦325. Kuskure ne, don sayayyar ba girmanta ɗaya ba. Duk kuɗin da ka kashe za ka raba da yawan hannun jarin da ke hannunka. In an taɓa ba ka na kyauta, adadi ya ƙaru amma kuɗin saye bai ƙaru ba.

8/ Yanzu lissafi biyu ne. Na farko shi ne wanda manhajar dillali ke nunawa da sunan Dividend Yield: ribar shekara a raba da farashin yau, a ninka da 100. Ranar da na duba farashin yana wajen ₦440.
30 ÷ 440 × 100 = 6.8%

9/ Na biyu shi ake kira Yield on Cost: ribar shekara a raba da abin da kai ka biya.
30 ÷ 255 × 100 = 11.8%
In da abin da ya shigo aljihu zan yi, wato ₦27, sun koma 6.1% da 10.6%.

10/ To ina 23? Na sayen 2020 ne kawai. Na 2024 kuwa kashi 4.4 ya ba ni, kuma a tsakiyar 2025 farashinsa ya faɗo daga 680 zuwa 440. Na riƙe mai daɗin a baki, na manta da mai ɗacin.

11/ Abin da ya fi yi min ciwo: ko 11.8 ɗin ba ita ce amsar tambayar Yaya ba. Ita labarin jiya take bayarwa, ko na iya saye ko ban iya ba. Shi kuwa kan kuɗin yau yake magana: a lokacin ₦440,000 ne a ajiye, suna haifar min ₦27,000 a shekara. Da 6.1 zan gwada ribar shago.

12/ Sannan nairar 2017 ba nairar yau ba ce. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Duk wanda ya daɗe da saye zai ga adadinsa ya kumbura, wani ɓangaren kawai don naira ta rage daraja.

13/ Na koma Sabon Gari da takardata. Na ce, “Yaya, kashi 6 ne, ba 23 ba.” Ya yi dariya har da tafi. Na ce shi ma ya kawo littafin shago mu ga abin da ₦440,000 ke bari a shekara bayan haya, kuɗin mota da bashin da ba a biya ba, tunda shi ma hannun jarin yana iya tashi ko ya faɗi. Ya ce in ba shi sati biyu.

14/ Har yanzu ban sayar ba, littafin nake jira. Kai fa, nawa kowane ɗaya ya tsaya maka? Je ka duba takardunka, kar ka faɗa da ka.