Awa 20, Naira 40,000

Bara na gina wa wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari shafin karɓar oda. Awa 20 aikin ya ci min. Na sa wa kowace awa naira 2,000, na karɓi 40,000 ina ta murna.

Bayan wata biyu ta kira ni: "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Da oda goma ke ɓace min duk mako a cikin saƙonni, yanzu ko ɗaya." Ribar kowace oda naira 3,000 ce, wato 30,000 a mako, 120,000 a wata. Cikin kwana goma ta mayar da kuɗinta. Jikina ya yi sanyi. Ashe da na fi haka sauri ma, da ladana ya ƙara raguwa.

Yanzu kafin in yanka farashi sai na tambayi mai aiki: me kuke asara, nawa ne a wata? Sai in nemi kwatankwacin ribar wata biyu, mu rubuta iyakar aikin a takarda. Kuɗin awannina kuwa shi ne abin da ba na sallamawa ƙasa da shi.

Amma wanda bai fara ciniki ba, ba shi da asarar da za a auna. Shi kam har yanzu lissafin awa nake yi masa.