Yadda na mayar da muryar Inna sautin kira, da dalilin da ya sa waya ke ƙin karɓar wani fayil

1/ Duk wanda ya taɓa yanko murya ko kiɗa don ya sa a matsayin ringin ton, wayar ta ƙi nuna masa fayil ɗin, to ya zo nan. Abu uku ne kawai ke kawo haka: nau'in fayil, tsawonsa, da inda aka ajiye shi. Na yi shekaru ina tura waƙoƙi a shagon caji a Argungu, bari in warware muku da misalin gidanmu.

2/ Mu fara raba abu biyu da ake haɗawa. Sautin kira shi ne wanda KAI kake ji in an kira ka, yana zaune cikin wayarka, kyauta ne. Kola tun kuwa wanda ya kira ka ne ke jin sa, yana wurin kamfanin layi, kuma ana cirar maka kuɗi. A kan na farko nake magana.

3/ Ƙanena yana aikin kabu-kabu a Birnin Kebbi. Inna tana gida Gulma, kuma ba ta iya dogon jira ba: in waya ta yi ƙara uku ba a ɗauka ba, ta kashe. Shi kuma ƙarar wayarsa iri ɗaya ce da ta rabin 'yan tasha. Ranar da jikin Baba ya tashi ta kira shi sau huɗu, bai gani ba sai bayan la'asar.

4/ Baba ya samu sauƙi, alhamdulillahi, amma muka ce dole kiran Inna ya fita daban. Akwai wani saƙon murya da ta taɓa turo masa a WhatsApp da wayar maƙwabciya, minti 1 da daƙiƙa 47. A tsakiyarsa tana faɗa: "Kai, in na kira ka ɗauki wayag ga, ni ta!" Wannan wurin muka nufa.

5/ Matakin farko, kafin ka taɓa komai: kwafi fayil ɗin, ka yi aiki a kan kwafin. Wasu manhajojin yanka suna ajiye sabon a kan tsohon. In murya ce ta tsoho ko ta wanda ya riga mu gidan gaskiya, ba ka da inda za ka sake samo ta. A sabbin wayoyin Android saƙonnin murya suna nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media/WhatsApp Voice Notes
```

6/ Za ka ga sunan ya fara da PTT, sai kwanan wata, ya ƙare da .opus. Nan matsala ta farko take. Opus wata hanya ce ta matse sauti, tana da kyau ga magana, ba ta cin data. Sai dai tsofaffin wayoyi da yawa ba sa lissafa .opus cikin sautukan kira, ƙananan wayoyi masu madanni kuma ba su ma san shi ba.

7/ Abin da samari ke yi shi ne su goge .opus su rubuta .mp3 a ƙarshen sunan. Wannan kamar ka zuba gero a buhu ka rubuta "shinkafa" ne a jiki. Abin da ke ciki bai sauya ba. Wata wayar za ta daure ta kunna, wata ta nuna sunan amma in an kira ka ka ji shiru. Dole a juya sautin da gaske da manhajar juya fayil.

8/ Zuwa me za a juya? In Android ce, Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung, tana karɓar MP3, M4A, OGG da WAV. Ni MP3 nake zaɓa, don shi ne har ƙaramar wayar Inna za ta iya kunnawa. WAV ba a matse shi ba, daƙiƙa 30 na sitiriyo kan haura 5 MB, ɓarnar wuri ce kawai.

9/ Lissafin girman MP3 ba wuya. A 128 kbps, kowace daƙiƙa tana cin 16 KB. Daƙiƙa 10 ta zama 160 KB, daƙiƙa 30 ta zama 480 KB. Kada ka wahalar da kanka da 320 kbps. WhatsApp ya riga ya matse muryar tun a wurin ɗauka, abin da ya zube ba ya dawowa don ka ƙara girman mazubi.

10/ Yanzu yanka. Na saurari saƙon da abin kunne, na rubuta lokaci. Maganar ta fara a 0:52, ta ƙare a 1:01, daƙiƙa 9 ke nan. Kafin 0:52 akwai jan numfashi da kukan akuya. Na cire su duka, domin a sautin kira daƙiƙa ukun farko su ne komai. In shiru ne a farko, Inna ta kusa kashewa kafin aljihu ya yi motsi.

11/ A ƙarshe kuma akasin haka ake so. Waya tana maimaita sautin har a ɗauka ko kiran ya yanke, don haka gajeren yanki ya isa. Amma in ba ka bar tazara ba, kalmar ƙarshe za ta hau kan ta farko, ya zama hayaniya. Na ƙara daƙiƙa 1 ta shiru a baya, jimla daƙiƙa 10.

12/ Sai ƙarfin murya. Saƙon murya yawanci ƙasa-ƙasa yake, ga shi lasifikar waya ƙarama ce, ga ƙarar babur. A manhajar yanka nemi Normalize ko Volume. Ɗaga shi kaɗan-kaɗan kana gwadawa a lasifikar wayar, ba a abin kunne ba. In muryar ta fara tsatstsagewa kamar rediyo mai mataccen batir, ka wuce iyaka, koma baya.

13/ Masu kwamfuta, layi ɗaya na ffmpeg ya yi duk wannan:

```
ffmpeg -ss 52 -t 9 -i inna.opus -ac 1 -ar 44100 -af "loudnorm=I=-14,apad=pad_dur=1" -b:a 128k inna.mp3
```

-ss shi ne inda za a fara, -t tsawon yankin, loudnorm ya daidaita ƙarfi, apad ya ƙara shirun ƙarshe. Ko daga bidiyo ne, misali kiɗan da ka ɗauka a Matan Fada ranar bikin kamun kifi, sunan fayil kawai za ka sauya.

14/ Wurin ajiya. Kai fayil ɗin cikin folda mai suna Ringtones a ma'ajiyar wayar kanta, ba a memori ba. In a memori yake, ranar da ka cire katin ko ya ƙi karantuwa, wayar za ta koma sautinta na asali ba tare da ta gaya maka ba. Haka in ka bar shi a foldar WhatsApp, manhajar share datti na iya kwashe shi.

15/ Don ya zama na Inna ita kaɗai: buɗe Contacts, shiga sunanta, nemi Ringtone ko Set ringtone. In ba ka ga zaɓin ba, duba inda lambar take. Lambar da ke ajiye a sim ba ta karɓar sauti na daban. Ta ƙanena a sim take, sai da muka mayar da ita cikin waya. Kuma kiran WhatsApp a Android sautinsa daban ne, a Notifications na WhatsApp ake sa shi.

16/ Android ba ta kafa wa tsawo iyaka, ko waƙar minti biyar ka sa za ta karɓa. Sai dai kira ba ya daɗe yana ƙara kafin layi ya yanke shi, don haka farkon kawai za ka riƙa ji. Inda ake da iyaka a rubuce shi ne iPhone, kuma a nan ne yayata da ke aikin jinya ta shigo maganar.

17/ Ita cewa ta yi duka saƙon take so, har addu'ar da Inna ta yi a ƙarshe. Na ce Yaya, ba zai shiga ba. Sautin kira na iPhone fayil ne mai .m4r, kuma in ta kwamfuta za a tura shi ba ya wuce daƙiƙa 40. In a cikin wayar za a haɗa shi, iyakar daƙiƙa 30 ce. Sai ta zaɓi daƙiƙa 28 na wurin addu'ar. Tazarar biyun don kada a tsaya daidai bakin iyaka ne.

18/ A nan ne kawai sauya suna ke aiki. .m4r da .m4a abu ɗaya ne a ciki, sautin AAC, sunan ne ke gaya wa wayar cewa na kira ne. Saboda haka .m4a zuwa .m4r daidai ne. Amma .mp3 ko .opus zuwa .m4r, buhun geron nan ne dai.

19/ In iPhone ɗinka tana kan iOS 26, wanda ya fito a Satumbar 2025, an sauƙaƙa. Ajiye MP3 ko M4A da bai kai daƙiƙa 30 ba a Files, danna Share, zaɓi Use as Ringtone. In ya ƙi, fara duba tsawon, sannan nau'in fayil ɗin.

20/ Ta Yaya tsohuwa ce, sai muka bi ta GarageBand. Buɗe Audio Recorder, koma shafin layukan sauti, jawo fayil ɗin daga Files. Ga tarkon: sabon aiki yana zuwa da 8 bars a gudun 110, wato kusan daƙiƙa 17. In ka ji sautinka ya yanke a nan, danna alamar + a sama, ka sa Automatic. Daga nan My Songs, danne aikin, Share, Ringtone. Shi ma MP3 ko M4A za ka ba shi, ba .opus ba.

21/ Gwaji na ƙarshe shi ne kira na gaske. Sa wani ya kira ka, wayar tana aljihu, kana bakin titi. In ka ji sautin kamfani, wayar ba ta ga fayil ɗin ba ko lambar na sim. In shiru ne, nau'in fayil ne. In ka ji amma can ƙasa, ƙarfi ne. Kowace alama da inda take nunawa.

22/ Abu biyu da ba na fasaha ba. Shafukan juya fayil na intanet, loda musu muryar kake yi, ta bar hannunka. In maganar gida ce, yi amfani da manhajar da ke aiki ba data. Sannan ka nemi izinin mai muryar, don a kasuwa da cikin mota za ta riƙa tashi. Mun tambayi Inna, ta ce in dai zai sa a ɗauka, a sa. Kuma a tuna a rufe ƙara kafin a shiga masallaci.

23/ In taka ta ƙi, rubuto min abu uku a ƙasa: sunan wayar, haruffan ƙarshen sunan fayil ɗin, da tsawonsa a daƙiƙa. Kada ka turo muryar kanta, ba na buƙatar ta. Da waɗannan ukun za mu gano inda ta maƙale, in sha Allahu.