Yadda muka sa alwatika ta shiga hannu

A ajinmu na biyu a ƙaramar sakandare muna da abokiyar karatu mai raunin gani. Ba makauniya ba ce. Tana gane fari da baƙi, tana kuma karanta manyan baƙaƙe idan ta kawo takarda kusa da fuska, amma siririn layin alli a kan allo ba ya isa idonta. Da aka shiga darasin siffofi sai makinta na lissafi ya fara sauka, alhali tambayoyin kusurwa na jiranta a jarrabawar aji uku. Shi ya sa mu 'yan ƙungiyar lissafi, tare da malaminmu, muka shirya kayan da za a taɓa da hannu.

Abin da ya ja ragamar aikinmu shi ne bambancin ido da yatsa. Ido yana ɗaukar siffa gaba ɗaya a kallo guda, shi kuwa yatsa sai ya bi gefe ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙwaƙwalwa ta haɗa. Saboda haka dole siffar ta shiga tafin hannu biyu, kada ta kai girman da za a manta farkonta kafin a kai ƙarshe. Dole kuma a sami alamar wurin farawa, in ba haka ba mai ƙirga gefe zai zagayo ya ƙirga ɗaya sau biyu.

Darasin da muka ɗauka shi ne cewa kusurwoyin alwatika uku idan an haɗa su suna ba da digiri 180. Mun samo kwalin taliya mai kauri, muka yanka alwatika uku iri ɗaya, kowace mai gefen santimita 9 da 12 da 15. Wannan awo yana ba da kusurwa mai digiri 90, da mai kusan 53, da mai kusan 37. Muka liƙa musu farar takarda, muka zagaye bakinsu da baƙar maka mai kauri, domin ɗan ganin da take da shi ya taimaki hannun.

Sai muka ba kowace kusurwa shaidarta. Mai 90 muka shafa mata gam muka barbaɗa yashi, mai 53 muka liƙa mata maɓalli, mai 37 kuma ƙyallen atamfa. Mun ja shaidun baya kaɗan daga tsinin, don kada su hana kwalayen haɗuwa. Muka shimfiɗa baƙin yadi a kan tebur, wanda ke hana kwali zamewa kuma yake fito da farinsa, muka ɗora rula ta katako a kai. Teburin yana gefen taga, yadda haske zai sauka a kan aikin ba tare da ya doki idonta ba.

Aikinta shi ne ta ɗauko yashi daga alwatika ta farko, maɓalli daga ta biyu, ƙyalle daga ta uku, ta haɗa tsininsu a wuri guda a jikin rular. Da suka zauna, ta bi da yatsa ta ji babu rata, gefen farko da na ƙarshe duk sun kwanta a jikin katako. Miƙaƙƙen layi ke nan, digiri 180.

Kayan suna tona kuskure da kansu. Idan aka sa ƙyalle biyu da yashi, jimilla 164 ce, sai yatsa ya faɗa cikin ratar digiri 16. Idan maɓalli biyu ne da yashi, 196 ke nan, kwali zai hau kan rular. Amma akwai ratar ƙarya: tsinin kwali yana daƙushewa bayan 'yan kwanaki. Idan shaidun uku sun bambanta amma ana jin ɗan rami a tsakiya, kwalin ne ya gaji, sai a yanka sabo.

Alwatika ɗaya ba ta isa hujja ba, don haka muka sake yanka wasu, mai gefe daidai da kuma doguwa siririya, sakamakon bai canza ba. Kuma tunda a takarda ake jarrabawa, muka bi mataki-mataki: daga kwali zuwa zanen da aka liƙa wa zare a kan layinsa, daga nan zuwa zanen baƙar maka kaɗai. A mataki na ƙarshe aka ba ta kusurwa 70 da 60, ta ce saura 50. Abin da muke nema yanzu daga hukumar makaranta shi ne a buga mata takardar tambayoyi da manyan baƙaƙe da layi mai kauri.