Kaye mai gida bakwai

Wata goma sha ɗaya ke nan ina neman aiki a Yamai, tun ina rubuta aikin ƙarshe na lisansi a sashen nazarin harsuna. Abin da na iya shi ne fassara tsakanin Hausa da Faransanci da mayar da hira rubutu, don haka ƙungiyoyi masu zaman kansu da masu binciken ƙauyuka nake bi. A watanni huɗu na farko komai a kaina na riƙe shi da cikin salula. Har yau akwai “Malam aiki” da “Malam aiki 2” a wayata, wallahi ban san ko su waye ba.

Abin da ya sa na sayi kaye shi ne wata Hajiya da na kai wa dosiyena. Ta duba ta ce: “Ƴata, ki kira ni bayan salla, za mu ɗauki masu fassara.” Na ce to. Salla ta wuce, na tafi Damagaram na dawo, sai bayan sati uku na tuna. Da na kira ta ce: “Ai na ajiye miki wuri, da na ji shiru na ba wata.” Ban iya cin tuwon dare ba.

Washegari na buɗe kaye, na haɗa shafi biyu masu kallon juna, na ja layi gida bakwai: ranar da muka yi magana, wurin, mutumin da matsayinsa, lambarsa, abin da na ba shi, abin da ya faɗa, sai ranar da zan sake tuntuɓarsa.

Gida na shida ne ya fi ba ni aiki, kuma nan karatuna ya yi mini rana. Da farko nakan rubuta “akwai alama” ko “ba alama”. Wannan ra'ayina ne, kuma ra'ayin wadda ta gaji da yawo a rana ba abin dogaro ba ne. Yanzu maganar mutum nake rubutawa yadda ta fito daga bakinsa, kafin in hau kabu-kabu. “Za mu kira ki” daban, “ki kira ni” daban. A ta farko, yawanci sallama ce cikin ladabi. A ta biyu an ɗora mini nauyi, in na yi shiru laifina ne. Hajiya ta biyun ta faɗa, ni kuwa na ji ta kamar ta farko.

Gida na bakwai kuma doka ɗaya gare shi: sai lamba. Ba na rubuta “bayan salla” ko “ƙarshen wata”, don irin waɗannan ba su zuwa, wucewa suke yi. In an ce bayan salla, nakan sa rana ta uku da komawa aiki. In ba a ce komai ba, kwana bakwai bayan ajiye dosiye, sannan kwana goma sha huɗu bayan wannan. In na tuntuɓa sau uku shiru, sai in ja jan biki a kan layin. Ba fushi ba ne, kuɗin kira ne ba ni da su da yawa.

Ga layi ɗaya. Litinin 6 ga Maris na kai takarduna wani biro, mataimakin mai ɗaukar ma'aikata ya ce: “Shugaba ya yi tafiya, sai ki leƙo.” Na sa 13 ga wata. Ranar na aika saƙo gajere: sunana, ranar da na zo, aikin da nake nema. Shiru. Na sa 27. Da na kira ya ce bai tuna ni ba, sai na ce: “Malam, ni ce na zo ran 6, ka ce shugaba ya yi tafiya.” Ya yi dariya ya ce lallai, in turo samfurin fassara shafi biyu kafin Alhamis. Na rubuta, na tura ran Laraba. Aikin kwana tara na samu, mayar da hirarrakin manoma rubutu. Ba shi ne aikin da nake mafarki ba, amma ya biya kuɗin ɗaki.

Kayen ma yakan ci amana in ba a buɗe shi ba. Na taɓa yin sati biyu ban duba ba saboda jarrabawa, ranaku huɗu suka wuce ni. Yanzu kowace Lahadi bayan isha'i nakan bi gida na bakwai, in kwashe na satin in sa wa wayata ƙararrawa ƙarfe tara na safe. Juma'a da yamma ba na kiran kowa.

Layi 43 gare ni yanzu, 29 da jan biki. Layin Hajiya na nan a buɗe, ta ce in neme ta in damina ta faɗi. Na rubuta 19 ga Yuni.