NETWORKDAYS: yadda nake ƙirga ranakun aiki a Excel, da abin da hutun Sallah ke yi wa lissafin

Yau maganar ƙirgen ranakun aiki za mu yi, wato kwana nawa ne na aiki tsakanin rana kaza da rana kaza, idan an cire Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A nan Faskari ina yi wa wani mai ƙananan kwangiloli lissafin ma'aikatansa, mutum shida ne, a rana ake biyansu, daga Litinin zuwa Juma'a, kuma duk ranar da gwamnati ta ba da hutu su ma suna gida. Kowa naira 2,500 a rana. Ka ga kwana ɗaya tak idan ya ƙaru ko ya ragu a lissafi, naira 15,000 ce ta motsa, ko daga aljihun maigida ko daga bakin masu iyali shida. A kan irin wannan ne ake ɓata zumunci.

Excel yana da fomular da ke yin wannan aiki, sunanta NETWORKDAYS. Kada sunan ya ruɗe ka, ba ruwanta da sabis ɗin waya ko intanet. Abu uku take karɓa: ranar farawa, ranar gamawa, sai jerin ranakun hutu. Na ukun ba dole ba ne a wajen Excel, amma a wajenmu shi ne duk maganar.

Mu ɗauki watan Afrilu na 2024, don wata ne da ya nuna komai. Sa 1 ga Afrilu a akwatin B2, sa 30 ga Afrilu a C2, sannan a D2 ka rubuta:

```
=NETWORKDAYS(B2,C2)
```

Zai ba ka 22. Watan kwana 30 ne, an cire Asabar huɗu da Lahadi huɗu. Lissafin daidai ne, amma ba wanda ya yi aikin kwana 22 a wannan wata. Excel bai san Najeriya ba, bai san Sallah ba, bai san Ista ba. Abin da ya sani kawai shi ne wace rana ce Asabar, wace ce Lahadi. Sauran kai za ka gaya masa.

Ranar Litinin 1 ga watan hutun Ista ne. Sai ƙaramar Sallah, inda Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta tarayya ta fara ba da Talata 9 da Laraba 10. Wanda ya rubuta waɗannan ukun a F2 zuwa F4 ya gyara fomularsa zai samu 19. To amma daren Litinin ba a ga wata ba, fadar Sarkin Musulmi ta sanar da cewa azumi zai cika talatin, Sallah ta koma Laraba, gwamnati kuma ta ƙara Alhamis 11 a cikin hutun. Lissafin gaskiya ya zama 18. Duk wanda ya rufe takardarsa tun farkon wata da 19, to ya ƙara wa kowane ma'aikaci kwanan da bai yi ba, kuma fomular ba za ta yi masa ko tari ba, don ita a wajenta komai lafiya lau.

Shi ya sa ni ba na rubuta ranakun hutu a cikin fomula kai tsaye. Ina ware musu layi nasu, in bar fili a ƙasa, in sa fomular ta riƙa duba layin gaba ɗaya:

```
=NETWORKDAYS(B2,C2,$F$2:$F$30)
```

Akwatunan da ke fanko ba sa ɓata komai. Da an yi sanarwa a rediyo, sai in ƙara ranar a ƙasan jerin, lissafin kowa ya gyaru da kansa. A gefen kowace rana, a layin G, nakan rubuta sunan hutun da wanda ya ba da shi, tarayya ko jiha. Wannan ba don Excel ba ne, don ranar da wani zai zo yana cewa an ci masa kwana ne. Sai in juya masa fuskar kwamfutar ya karanta da kansa.

Alamar dalar nan da kuke gani ba ado ba ce. Idan kana da mutum shida a layi shida, ka ja fomular ƙasa ba tare da ita ba, F2:F30 zai koma F3:F31 a layi na biyu, F4:F32 a na uku, a haka. Wato mutum na biyu ya rasa hutun farko a jerin, na uku ya rasa biyu. Yadda ake gane wannan ciwo: mutanen da suka fara rana ɗaya suka gama rana ɗaya, amma adadinsu yana hawa kamar matakala, 18, 19, 20. Da ka ga haka, danna akwatin ka dubi fomular.

Ba Sallah kaɗai ke zuwa ba shiri ba. A Yulin 2025, da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu ranar Lahadi 13, gwamnatin Katsina ta ba da hutun Litinin 14, ta tarayya kuma ta ba da Talata 15, ranar da aka yi jana'izarsa a Daura. Watan yana da ranaku 23 daga Litinin zuwa Juma'a. Ma'aikaci a jihar da ta tsaya a kan hutun tarayya kaɗai 22 gare shi, na Faskari ko Ƙanƙara ko Sabuwa da ke bin hutun jiha 21. Don haka jerin hutun da ka kwafo daga intanet a watan Janairu, ko wanda wani aboki ya turo maka daga Legas, kada ka jingina da shi. Ranakun da ba sa motsi su ne irin su 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, 25 da 26 ga Disamba, kuma su ma idan sun faɗo a ƙarshen mako gwamnati takan mayar da hutun Litinin. Ranar da aka zauna a gida ita za ka rubuta, ba ranar da ke kan kalanda ba.

Yanzu ga matsalar da ta fi kowace wahalar ganewa, kuma ita na fi gani a fayilolin da ake kawo min in duba. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata. Kwamfutoci da yawa da ake sayowa kuwa a kan tsarin Amurka suke, wata kafin rana. Ka buga 9/4/2024 kana nufin 9 ga Afrilu, ita ta ɗauka 4 ga Satumba. 10/4 ya zama 4 ga Oktoba, 11/4 ya zama 4 ga Nuwamba. Duk ranaku ne na gaske, don haka babu kuskuren da zai fito. Sun dai faɗa wajen watan da kake ƙirgawa, sai ka ga 22 na nan daram kamar ba ka sa hutu ba. Idan ranar ta wuce 12, misali 30/4/2024, to da sauƙi, tunda babu wata na talatin: Excel zai ajiye ta a matsayin rubutu, ta maƙale a gefen hagu na akwatin maimakon dama, fomular kuma ta fito da #VALUE! ka san akwai gyara.

Gwajin da nake yi ɗan ƙarami ne. A wani akwati fanko:

```
=MONTH(F3)
```

Idan ya ce 4, lafiya. Idan ya ce 9, kwamfutar ta juya maka kwanan wata. Hanyar da ba ta taɓa ruɗewa ita ce ka shigar da ranar da fomula, shekara, wata, rana:

```
=DATE(2024,4,9)
```

Sai maganar ƙirgen kansa. NETWORKDAYS tana haɗawa da ranar farko da ta ƙarshe duka. Daga Litinin 15 zuwa Juma'a 19 ga Afrilu biyar za ta ba ka, alhali in ka cire 15 daga 19 huɗu ne. Ga biyan ma'aikaci haka ake so, don ya yi aiki a ranakun biyu. Ɗaya daga cikin mutanenmu ranar Litinin 8 ga Afrilu ya fara, fomular ta ba shi 14 zuwa ƙarshen wata, wato 17 a cire kwana ukun Sallah, naira 35,000 kenan. Amma idan kana ƙirga kwana nawa takarda ta yi a ofis bayan ranar da aka karɓe ta, sai ka rage ɗaya, muddin ranar karɓar ta aiki ce. In kuma ka ga lambar da alamar ragi a gabanta, ka musanya ranakun ne, ta ƙarshe ta zo farko.

Na san wani zai ce, Malam, mu fa ba Asabar da Lahadi muke hutawa ba. Gaskiya ne, kuma ina ganin a garuruwanmu masu irin wannan mako sun fi masu makon ofis yawa. Makarantar allo da Islamiyya da yawa Alhamis da Juma'a suke hutu. Magini ko tela wataƙila Juma'a kaɗai. Don su akwai NETWORKDAYS.INTL, wadda ta zo tun Excel 2010, kuma tana nan a Google Sheets ga masu aiki da waya. Ana iya ba ta lamba, 6 na nufin Alhamis da Juma'a, 16 Juma'a kaɗai, 11 Lahadi kaɗai, amma ni ba na son haddar lambobin nan. Na fi son ɗaya hanyar, ta alamu bakwai da ke farawa daga Litinin, inda 0 aiki ne 1 kuma hutu:

```
=NETWORKDAYS.INTL(B2,C2,"0001100",$F$2:$F$30)
```

Ƙirga da yatsa: Litinin, Talata, Laraba sifili, Alhamis da Juma'a ɗaya, Asabar da Lahadi sifili. Lura, daga Litinin ake farawa, ba daga Lahadi ko Asabar ba. A Afrilun 2024 ɗin nan, da jerin hutu huɗun nan, amsar 19 ce ba 18 ba. Dalili, 11 ga wata Alhamis ce, dama ranar hutu ce a wannan tsarin, kuma Excel ba ya cire rana sau biyu. Haka ne daidai. Sai dai Islamiyya ba lallai ta bi hutun Ista ba, hutun Sallarta kuma yakan fi na gwamnati tsawo, don haka jerinta daban ya kamata ka buɗe mata, kada ka haɗa da na ofis.

Abin da fomular ba za ta iya ba shi ne rabin rana. Juma'ar da ake tashi kafin masallaci, a wajenta cikakkiyar rana ce ko kuma ba aiki sam. Ba ta kuma san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ranar da aka wayi gari hanya ba ta biyuwa, ko aka yi rasuwa a unguwa, wannan littafin halarta ne zai faɗa. Ni nakan buɗe layin E in rubuta kwanakin fashin kowa, rabin rana in sa 0.5, kuɗin rana ɗaya kuma a H1, sannan abin da za a biya ya zama:

```
=(D2-E2)*$H$1
```

Kuma ba na buga takardar biya sai ranar aiki ta ƙarshe a wata, bayan na sake bin layin F rana bayan rana da abin da aka sanar.