Kafin ƙusa ta shiga katako

A yankinmu na Gazawa katako ba abin wasa ba ne. Gawo da sauran itatuwan da manoma ke rainonsu a gonaki, tun daga Agye har Tasawa, ba na yanka alluna ba ne. Abin da kafinta ke aiki da shi daga ƙasashen kudu motoci ke kawo shi, ya biya kuɗin hanya kafin ya iso hannunsa. Allon da aka yanke ya gaza da santimita ɗaya ba shi da magani, sai a nemi wani ƙaramin aiki a sa shi. Ina jin wannan ne ya sa malamin sashen kafinta na cibiyar koyon sana'o'i, inda na raka tsofaffin ɗalibaina uku a watan Oktoba, bai ɓata lokaci wajen yi wa sababbin shiga dogon wa'azin ladabi ba. Firam ɗin ƙofa ya shimfiɗa a kan tebur, guntaye huɗu da ba a haɗa ba, faɗi santimita 80, tsawo 200, ya yi jawabinsa duka a kansa.

Ya fara da abin da kowa ya taɓa ji, cewa a auna sau biyu kafin a yanka. Sai ya ce, "Ƴaƴana, wanda ya auna sau biyu ta hanya ɗaya, sau ɗaya ya auna. Idon da ya karanta lamba ba daidai ba da farko, haka zai sake karanta ta." Ya ɗaga tef ɗin awo, wanda muke kira mita, ya nuna musu cewa irin wanda ya cika kasuwanninmu layi biyu gare shi, inci a gefe guda, santimita a ɗayan. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗoriya, don haka yaron da idonsa ya zame daga wannan layi zuwa wancan ya gama da allon. Awo na biyu, in ji shi, daga ɗayan bakin katakon ake fara shi, ko kuwa a ɗauki katakon a kara shi a gurbin da zai zauna, a ga ko alamar fensir ta faɗa inda ya kamata.

Ya nuna musu ɗan ƙarfen nan da ke bakin mita, mai ɗan motsi. Yara da yawa suna ɗauka lalacewa ya yi, su sa guduma su daddanne shi. Da gangan aka bar shi haka: yana matsawa daidai kaurin kansa, don awo ya fito ɗaya ko an maƙala shi a bakin allo an ja, ko an tokare shi da bango. Sannan zarto ma yana da nasa cin, kamar milimita biyu ko uku yake mayarwa gari. Wanda ya bi tsakiyar layin fensir ya ci daga cikin rabonsa, shi ya sa ake yanka ta gefen da za a yar. Dogayen ƙafafun firam ɗin kuma bai yarda a auna su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya jera su, ya daidaita bakinsu, ya ja musu layi guda. Dalilin wannan sai can gaba ya fito.

Da ya haɗa guntayen huɗu, ba gam ba ƙusa, sai ya ɗauko ƙarafan matsi ya ɗaure su, yana sa ɗan guntun katako tsakanin ƙarfen da jikin aikin don kada ya bar tabo. Wani yaro ya tambaya, "Malam, in babu ƙarfen fa, ba sai wani ya riƙe mini ba?" Ya ce masa hannu yana riƙewa, amma ba ya hana motsi. Kowane bugun guduma yana ɗan gusar da katako, kuma mai riƙon ba zai ji ba. Ya ƙara da abin da ni ban taɓa kawowa a raina ba, cewa ƙarfen matsin da kansa yana karkatar da firam in an ɗaura shi a karkace, domin yana jan aikin zuwa inda ya kwanta. Wannan ya sa ba a duba kusurwa kafin a matse. Sai an matse tukuna, a duba, sannan a buga.

A nan ne jawabin ya kai inda ya fi kama ni. Ya ɗauko sikwaya, wadda mu nan muka fi sani da ekar, ya ce kafin ta yi wa katako shari'a sai an fara yi mata tata. Ya kara ta a miƙaƙƙen bakin allo ya ja layi, ya kifa ta ta ɗayan gefen ya sake ja daga wuri guda. In layukan biyu sun hau kan juna, ekar ɗin lafiya take. In sun buɗe baki kamar almakashi, ta taɓa faɗuwa ƙasa ta goce, kuma ratar da ake gani ninki biyu ce ta kuskurenta. Ko mai lafiyar ma tana da iyaka. Harshenta bai wuce santimita 30 ba, ƙofar kuwa 200 ce. Kuskuren milimita ɗaya a tsawon ekar, wanda ido zai iya yafewa, ya kusa zama milimita bakwai kafin a kai ƙarshen ƙofa.

Saboda haka babban aiki da mita ake duba shi, a gicciye. Ya ja mita daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, ya sa wani yaro ya karanta: santimita 215 da milimita 9. Ya ja ɗayan gicciyen: 214 da milimita 9. Bambanci santimita ɗaya cif. Yaran suka yi dariya, wani ya ce ai wannan ba komai ba ne, ko kaurin ɗan yatsa bai kai ba, kuma gaskiya a ido firam ɗin lafiya ƙalau yake.

Ni malamin aji shida ne na firamare, lissafi kuwa tun a makarantar horon malamai shi ne abin da na fi so, don haka da na koma gida na zauna na buga shi a takarda. A firam mai faɗi 80 da tsawo 200, in kusurwoyi sun tsaya daidai, kowane gicciye santimita 215 ne da milimita 4. Kafin a samu bambancin santimita ɗaya tsakanin gicciye biyun, sai saman firam ɗin ya zame gefe da kusan milimita 13 daga saitin ƙasansa. Ratar da ake bari tsakanin ƙyaure da firam kuwa kamar milimita uku ce. Ke nan ƙyauren da aka yi daidai ba zai shiga ba: zai ci a kusurwa ɗaya, ya bar kafa a ɗayar. Daga nan sai a shiga fere bakin ƙyaure don ya bi karkataccen firam, a ƙare da ƙofar da ƙurar hunturu ke shigowa ta samanta, kuba kuma sai an ɗaga ƙyauren da gwiwa take kamawa. Kowa a cikinmu ya san gida mai irin wannan ƙofa.

Gyaran a gaban idonmu bai ɗauki minti biyu ba. Ya ɗan sassauta ƙarafan, ya tura kusurwoyi biyun na dogon gicciyen zuwa ga juna. Ya gargaɗe su kada su nemi cire santimita ɗayan duka, domin abin da dogon ya rage shi gajeren ke ƙaruwa da shi, rabin bambancin kawai ake nema. Ya sake matsewa, ya sake aunawa, duka biyun suka tsaya a 215 da milimita 4. Sai ya ɗora siririn katako a gicciye ya kafa shi da ƙananan ƙusoshi biyu da bai nutsar da kansu ba, don ya riƙe firam ɗin har a kai shi bango. Bayan ya buga ƙusar farko a kowace kusurwa ya sake jan mita kafin ya ƙarasa sauran. Ya ce musu, "Da ƙusa ɗaya aiki yana jin magana. Da uku kuwa sai dai a fasa."

Sai kuma ya yi musu tarko. Ya ɗauko wani ƙaramin firam, ya sa aka auna gicciyensa, suka fito daidai da juna, amma da aka kara ekar babu kusurwar da ta zauna. Ashe katakon sama ya fi na ƙasa tsawo da santimita ɗaya, ƙafafun biyu suka kwanto ciki daidai wa daida. Awon gicciye ba ya faɗin gaskiya sai in sama da ƙasa tsawonsu ɗaya, dama da hagu ma haka. A lokacin yaran suka gane abin da ya sa tun farko ya jera ƙafafun ya ja musu layi guda. A ganina wannan ɗan firam ɗin ya fi duk maganar da ya yi, domin ya nuna cewa matakan uku sarƙe suke: in awon farko ya ɓaci, duban ƙarshe ma ruɗin mutum zai yi.

Inda babu gicciyen aunawa, kamar kusurwa ɗaya tilo ta babban allon aji ko harsashin ɗaki, ya ba su lambobi uku: a auna 60 a gefe ɗaya daga kusurwar, 80 a ɗayan, tsakanin alamun biyu ya zama 100. In ya haura 100 kusurwar ta buɗe, in ya gaza ta tsuke. Ka'idar Fitagoras ce, wadda ƴan kwaleji ke haddacewa don jarrabawa, amma bai ambaci sunan ba, ni ma ban ga laifin hakan ba. Ya bar mini dai tunanin yadda muke koyar da kusurwa a firamare da alli kawai, alhali igiya da mita sun isa a fitar da ita a filin makaranta.

Gam bai daɗe a kansa ba. Ya ce a zafin watan Afrilu farin gam yana yin fata cikin ƴan mintoci, shi ya sa ake gwada haɗin duka a bushe, a tanadi ƙarafa da mita kusa da hannu, kafin a buɗe gwangwani. Ƴan sashen walda da ke tsaye a baya su ma ya ba su nasu, tunda yawancin ƙofofi da tagogin da ake sa wa sababbin gidaje a Gazawa na ƙarfe ne. Walda tana tsukewa in tana hucewa, ta ja kusurwa zuwa gefen da aka yi ta. Don haka sai a matse, a ɗiga ɗan ɗigo a kowace kusurwa, a auna gicciye, sannan a cike, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta.

Ƙarafan matsin cibiyar ba su kai yawan ɗaliban ba, kuma ya san akasarinsu za su buɗe rumfarsu ba su da ko ɗaya. Sai ya nuna musu igiya: a zagaye firam da ita ninki biyu, a sa guntun katako a kusurwoyi don kada ta ci, a cusa sanda a tsakiya a murɗa har ta yi tauri. Ya miƙa wa na farko a layi igiyar da sandar, ya warware firam ɗin ya mayar da shi guntaye huɗu, ya ce a fara daga awo.