Daƙiƙa 110 na Matan Kaɗanya

A shekarar 2015 nake zaman koyon haɗa bidiyo a wani ɗan shago kusa da kasuwar Aboabo, nan Tamale. Lokacin dumso ne, wuta ta zo ta tafi, don haka duk aikin da ya shigo sai mu yi ta sauri kafin a ɗauke. Wata ƙungiya ta kawo mana bidiyo mai minti 3 a kan matan da ke yin man kaɗanya, tana son muryar Hausa saboda mutanen zango. Ni aka ba fassara, ni aka ba karatu.

Rubutun Turancin kalma 270 ne. Da na mayar da shi Hausa sai ya zama 340, domin ƙananan kalmominmu irin su "da" da "ta" da "suka" kowacce tana cin lokacinta. Na shiga ɗakin da muka liƙe da katifa na karanta, murya ta zarce hoto nesa ba kusa ba. Na sake karantawa da gudu, na yanke duk inda na ja numfashi, sauran na matse da Change Tempo a Audacity. Ya shiga daidai. Da daddare na kunna wa mahaifiyata a waya, ta saurara shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, wa ke korarka?"

Washegari na kai wa wani dattijo a unguwarmu wanda ya daɗe yana karanta labarai a rediyo. Bai kalli bidiyon ba tukuna. Ya cire agogonsa ya ajiye a kan tabarma, ya miƙo mini takardata, ya ce in karanta kamar ina yi wa kakata bayani. Minti ɗaya na cika ya ɗaga hannu, muka ƙirga, kalma 130. Sau uku muka yi, ba ta wuce haka da yawa ba.

"To, wannan ne mudunka," in ji shi. "Yanzu auna mini bidiyon."

"Baba, ai minti 3 ne."

"Minti 3 ɗin duk naka ne?"

Ashe ba nawa ba ne. Kiɗan buɗewa ya ci daƙiƙa 10. Wata dattijuwa ta yi magana da Dagbanci daƙiƙa 40. Akwai daƙiƙa 12 da mata ke bugun ƙullun kaɗanya da hannu a cikin daro, ƙarar da bai kamata a rufe ta da magana ba, sai rufewa daƙiƙa 8. Daga 180 aka cire 70, saura 110. A mudun nawa, daƙiƙa 110 ba sa ɗaukar fiye da kalma 238, kuma ya sa na rage kashi ɗaya cikin goma saboda numfashi da canjin hoto. Muka tsaya a 215. Ni kuwa 340 na cusa, wato kimanin 185 a minti.

Abin da har yau nake gode masa shi ne yadda ya nuna mini inda gaggawa ke ɓata Hausa. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da tsawon wasali. In ka ruga, dogon wasali ya gajarce, garin tuwo ya koma garin da ake zama a ciki, ƙarshen jimla kuma ya haɗiye. Ya kuma gargaɗe ni da lambobi: kwamfuta tana ƙirga 2015 kalma ɗaya, baki kuwa sai ya ce dubu biyu da goma sha biyar, shida ke nan.

Ragewar ma ba a dunƙule muka yi ta ba. Hoto-hoto muka bi, kalma biyu ga kowace daƙiƙa. Akwai wurin da mata ke ɗauke da daro a ka za su inji, daƙiƙa 6. Na rubuta: "Bayan an kammala aikin soya ƙwayar kaɗanya, mata sukan ɗauke ta su kai ta wurin injin niƙa domin a niƙe ta." Kalma 21. Ya ce mai kallo yana da ido, ya ga daron, ya ga injin, in faɗa masa abin da bai gani ba. Muka mayar da ita: "Daga kasko sai inji, da can a kan dutse ake niƙa ta." Kalma 12 cif.

Na sake ɗauka ranar da wuta ta dawo bayan la'asar, ban taɓa Change Tempo ba. Da na kunna wa mahaifiyata, aka zo wurin bugun ƙullu inda na yi shiru, sai ta matso da wayar kusa da kunnenta, ta ce haka hannun yayarta ke ƙara a daro.